An Kawo Maka Kaya Ba Su Cika Ba: Yadda Za Ka Rubuta Wa Dila

Assalamu alaikum 'yan kasuwa. Yau maganarmu a kan takardar da ɗan sari yake rubuta wa dila ce, idan an kawo masa kaya lissafi bai cika ba. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe.

Kana da shago a kasuwar Singa. Ka yi odar taliya katan 300 da makaroni katan 100, ka biya kuɗi ta banki. Mu ƙaddara taliya naira 18,000 ce katan, makaroni 17,000. Mota ta iso bayan la'asar, 'yan dako sun hau saukewa, yaronka yana tsaye yana ƙirga. Da aka gama, taliya 270, makaroni 120. Ga direba yana miƙo maka webil, wato takardar rakiyar kaya, da biro, yana cewa, "Alhaji a sa hannu, ina da wani lodin a Sabon Gari."

To, tsaya nan. Idan ka sa hannu haka kawai, ka shaida da kanka cewa kaya sun iso cif-cif, kuma duk takardar da za ka rubuta gobe ta rasa ƙafar tsayawa. Abin da za ka yi shi ne, a sake ƙirgawa a gaban direban, jeri-jeri, goma-goma. Sannan a jikin webil ɗin, a kan kwafinka da nasa, ka rubuta da hannunka: an karɓi taliya 270, makaroni 120. Ka sa kwanan wata da lokaci, ka sa hannu, shi ma ya sa. Idan ya ƙi, rubuta cewa ya ƙi, ka kira dilan a gabansa. Ɗauki hoton webil ɗin, da lambar mota, da kayan a jere yadda mai kallo zai iya ƙirgawa.

Kafin ka rubuta komai, zauna ka gano inda aka samu tangarɗa. Ajiye takardu uku a gabanka: odar da ka tura, inbois ɗin da aka caje ka da shi, da webil. Idan inbois ya ce 300, webil kuma tun asali ya ce 270, to daga sito aka fitar da kayan ba su cika ba, kuma su ma littafinsu zai nuna. Wannan ba ta da wuya. Wadda take jawo ka-ce-na-ce ita ce webil ya ce 300 amma ƙasa ta nuna 270, domin a nan ko dai an yi kuskure wajen lodi, ko an taɓa kayan a hanya.

A misalinmu kayan da kansu sun ba da labari. Ka yi odar katan 400 gaba ɗaya, 390 suka iso. Ƙarin makaroni 20 ɗin nan da alama masu lodi ne suka haɗa su da taliya, don kwalayen kan yi kama. Saboda haka 20 musanye ne, 10 ne kawai babu su. Faɗar wannan a takarda yana taimaka wa dilan ya san inda zai bincika. Amma kar ka rubuta cewa direba ya sata. Ba ka gani ba, kuma da zarar ka faɗa, magana ta tashi daga kan kaya ta koma kan mutunci.

Yanzu sai zaɓi: ciko za ka nema ko kiredit not? Kiredit not takarda ce da dila yake bayarwa yana amincewa an rage kaza daga inbois kaza. Ba tsabar kuɗi ba ce. Ko dai a cire daga bashin da yake bin ka, ko a ajiye maka sai sari na gaba. Kuma a kan farashin inbois ake lissafa ta, nan ne da yawa suke yin asara ba su sani ba. Katan 30 a kan 18,000, naira 540,000 ke nan. Idan kafin ka sake yin oda taliya ta koma 19,500, kuɗin nan katan 27 zai saya maka da 'yar ragowa. Don haka ni a ganina, wanda ya riga ya biya, kuma kasuwa tana hawa, kayansa zai nema. Wanda kuwa ya karɓi kaya bashi, ko kayan suna kwantai a shagonsa, kiredit not ta fi masa, bashinsa ya ragu nan take.

Ƙarin makaronin kuma ba naka ba ne har sai an yi magana. Ware shi gefe, kar yara su sayar. Idan kana so, ka riƙe a kan 17,000, wato 340,000, sai a cire daga 540,000, saura 200,000. Idan ba ka so, su zo su kwashe abinsu.

Ga yadda takardar za ta kasance.

"Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai game da kayan inbois mai lamba 0417, waɗanda aka sauke a shagona da ke Singa ranar Talata 14 ga wata. Na yi odar taliya katan 300 da makaroni katan 100, na kuma biya duka. Abin da aka sauke shi ne taliya 270 da makaroni 120. Mun ƙirga tare da direba, mun rubuta a jikin webil, ga hotonsa nan haɗe. Ina roƙon a kawo mini cikon taliya katan 30 zuwa ranar Asabar, motar da ta kawo ta tafi da makaroni 20 da suka yi ƙari, suna nan a ware ba a taɓa ba. Idan cikon ba zai samu zuwa ranar ba, a ba ni kiredit not ta naira 540,000 a kan wannan inbois. Na gode, Allah Ya bar zumunci."

Sai sunanka, lambar shago da sa hannu. Ka lura babu "a duba lamarin" a ciki. An faɗi abin da ake so, an sa rana, an faɗi abin da zai maye gurbinsa. Tura ta a ranar, ko washegari da safe, ga wanda yake da ikon yanke hukunci, ba ga yaron da ya karɓi oda kaɗai ba. Ko ta waya ka tura, buga kwafi ka aika, a sa maka hannu an karɓa.

Idan kiredit not ta iso, duba ko tana ɗauke da lambar inbois ɗinka, adadin katan, da farashin da aka caje ka. Idan kayan irin waɗanda aka ɗora wa harajin kashi 7.5 cikin 100 ne, a tabbata an rage har da shi. Maƙala ta da inbois ɗin, kuma ranar oda ta gaba ka rubuta lambarta a jikin odar, ka cire kuɗin kafin ka tura sauran.