Girkin biki: shinkafa, nama da miyar mutum ɗari biyu

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau lissafin abincin biki za mu yi, na mutum 200. Ku ɗauko takarda da biro.

Idan uwar biki ta ce miki mutum 200 ne, kada ki girka na 200. Akwai 'yan rakiya, akwai direbobi, akwai masu rabon abincin su ma. Ki ƙara kashi ashirin cikin ɗari, ya zama faranti 240. Duk abin da zan faɗa a kan wannan 240 ɗin yake.

To, shinkafa. Giram 100 na ɗanya shi ne farantin mutum ɗaya madaidaici, domin idan ta dahu nauyinta yana ninkawa kusan sau uku. Kin ga kilo 24 ke nan. Amma buhu mai kilo 25 ba zai ba ki kwanciyar hankali ba, saboda ƙanzo zai ci nasa, kuma hannun mai zubawa ba sikeli ba ne. Ki sayi kilo 30. Ni da kilo nake aiki, don mudu kowanne da girmansa. Ki raba ta tukunya uku, kilo goma-goma. Idan kika labta ta a tukunya ɗaya, ta ƙasa za ta caɓe saboda nauyin ta sama, ta saman kuma ta fito ba ta dahu sosai ba. Babbar tukunya ba ta shan ruwa kamar ƙarama, saboda haka ki fara da awo ɗaya da rabi na ruwa ga awo ɗaya na shinkafa, ki ajiye ruwan zafi a gefe.

Nama ne inda ake jin kunya, don haka zan ɗan tsaya a nan. Mutane suna lissafi da ɗanyen nama a faifan mahauci, sun manta cewa idan aka tafasa shi aka soya, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ya tafi. Yankan da kika ga ya yi miki daidai yana ɗanye, bayan suya sai ki same shi kamar ɗan goro. Saboda haka ki ce a fitar miki da yanka 16 a kowane kilo, wato wajen giram 60 kowane yanka. Yanka biyu ga kowane faranti, yanka 480, a raba da 16, kilo 30 cif. Amma fa tsoka zalla nake nufi. In da ƙashi aka auna miki, ki kai shi kilo 40. Kuma ki tsaya a kan mai yankan, ki auna kilon farko ki ƙirga a gabansa. In ya fitar da 12, to yanka 120 sun ɓace miki a kilo talatin ɗin nan, farantin mutum sittin ke nan babu nama. Bayan suya ki sake ƙirgawa, ki ƙulla hamsin-hamsin. Kada ki zuba naman cikin miya, domin na farko za su kwashe, na ƙarshe su tashi da romo. In kaza za a sa a madadinsa, kaza ɗaya yanka takwas, yanka ɗaya ga mutum, kaji 30.

Sai miya. Ludayi ɗaya ga faranti, wanda takwas ɗinsa ke cika lita. Ki gwada naki da ruwa tun kafin ranar. Lita 30 muke nema. Tumatir kilo 25, tattasai kilo 8, albasa kilo 6, attaruhu kilo 1, shi ma a yi hankali da shi, akwai yara da tsofaffi. Idan aka markaɗa za ki ga wajen lita 40, kada ki ce ya yi yawa, rabi zai koma. Ki dafa markaɗen shi kaɗai, tukunya a buɗe, sai ruwan ya ƙone ya yi kauri. Sannan ki soya shi a mai lita biyar, wanda kika soya naman da shi ya fi daɗi, ki tace shi tukuna. Alamar ta soyu, mai ya taso sama, ja ya yi duhu, tsamin ya tafi. In kika yi gaggawa a nan, miya za ta tsinke a kan shinkafa, ruwa gefe guda, kuma kafin yamma ta fara tsami. Sai ki zuba ruwan tafashen nama lita biyar. Ki ɗanɗana kafin ki sa gishiri, don ruwan naman yana ɗauke da nasa.

Miya da nama a gama su tun da wuri, shinkafa ita ce ta ƙarshe. Daga wuta sai cikin kula, da zafinta, a rufe. Wadda ta huce ta zauna a fili fiye da awa biyu, kada a ba baƙi.