Wasiƙar Shugaba Ga 'Yan Ƙungiya: Wane Kuɗi Za a Taɓa?

(An rubuto wannan daga faifan laccar da wani tsohon jami'in ƙungiyoyin gama kai ya gabatar wa shugabanni da sakatarorin ƙungiyoyin manoma.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Alhaji, a ɗan rage wannan lasifikar, tana yi mini kuwwa a kunne.

An ce in yi magana a kan wasiƙar da shugaban ƙungiya ke aika wa mambobi, yana cewa kowa ya kawo shawarar wata sabuwar sana'a da za a yi tare. Abu huɗu na rubuto a takardata. In Allah ya sa muka kai ga huɗun, to.

Na farko, me ya sa sai an rubuta? Shugaba ba zai iya faɗa a bakin masallaci ba? Zai iya. Amma wanda ya ji a bakin masallaci shi ne wanda ke salla a wannan masallacin. Matar da ke cikin gida, wadda ba ta taɓa fashin zubi ba, ba ta ji ba. Ƙungiyar gama kai kuwa ƙa'idarta tun asali ita ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ko hannun jarinka ɗaya ne ko ɗari. Haka mutanen Rochdale a Ingila suka kafa ta a 1844, su ashirin da takwas, da ɗan shagonsu na fulawa da sukari. Mu nan Najeriya dokar farko ta zo a 1935, bayan rahoton wani Bature mai suna Strickland. Tunda ƙuri'a daidai take, sanarwa ma dole ta isa ga kowa daidai. Shi ke nan na farko, ba zan ja shi ba.

Na biyu shi ne wanda ya fito da ni daga gida yau. Na karanta irin waɗannan wasiƙu ban san adadi ba, kusan duk kamanninsu ɗaya. Gaisuwa rabin shafi, addu'a rabin shafi, sai layi ɗaya: muna gayyatar mambobi su kawo shawarwarin da za su ciyar da ƙungiya gaba. Sai sa hannu, sai hatimi. Ba a faɗi ko nawa ne a hannu ba. Ku ji da kyau, ba a faɗi kuɗin ba! To me kake so mutum ya kawo maka? Wani zai ce a sayi tirela. Wani zai ce a gina gidan mai. Na taɓa zama a wani taro, wani dattijo ya miƙe ya ce a buɗe kamfanin jigilar alhazai, alhali abin da ke cikin asusun bai kai kuɗin kujera ɗaya ba. (Dariya.) Kada ku yi masa dariya, ba laifinsa ba ne. An ce masa ya yi mafarki, ya yi.

Saboda haka wasiƙa ta faɗi adadi. Kuma ta faɗi daga wane aljihu za a ɗebo, domin kuɗin ƙungiya ba tukunya ɗaya ba ce. Akwai hannun jari, wanda mamba ya zuba don zama ɗan ƙungiya. Akwai ajiya, wato zubin wata-wata, wannan kuɗin mutane ne, amana ce, mai shi zai zo nema ranar da matarsa ta haihu ko lokacin sayen taki. Akwai kuma asusun ko-ta-kwana, wanda dokar tarayya ta 1993 ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na rarar shekara. Wannan ba shugaba ne ke farkawa da safe ya taɓa shi ba. Ajiya kuwa, idan ka ɗaure ta a cikin inji, damina ta faɗi, mutum talatin suka zo neman kuɗin taki, me za ka ba su? Za ka kwance bel ka raba musu? Na ga ƙungiyar da ta watse a kan haka. Ba a saci ko kwabo ba, wallahi. Kuɗin na nan cikin ƙarfe, amma mutane suka ce an cinye, kuma ba a sake haɗa kansu ba.

Sai na ce shugaba ya rubuta kamar haka: muna da naira miliyan uku daga hannun jari da rarar bara da babban taro ya amince kada a raba, ba za a taɓa ajiyar kowa ba. Da wannan layin kaɗai, mai tirela ya zauna da kansa, ba sai an kunyata shi a bainar jama'a ba.

Bari mu yi lissafi, sakatarori ku ɗauki biro. Alƙaluman nan misali ne na ƙirƙira, kowa ya sa farashin garinsu. A ce ƙungiyarku mutum sittin ce, manoman shinkafa, irin na wajen Kura ko Haɗeja. Wani ya kawo shawara a sayi injin casa. Kowa ya tafa, domin injin casa abu ne mai kwarjini, ana jin ƙararsa daga titi. Inji da rumfa da dasawa, a ce miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Kuɗin casar buhu ɗaya, a ce dubu biyu. A cikin dubu biyun nan man gas zai ci nasa, yaron inji zai ci nasa, bel da rariya suna lalacewa, a ce duka sun kwashe dubu ɗaya da ɗari uku. Saura nawa, Malam sakatare? Ɗari bakwai. Yawwa.

Yanzu tambayar da ba a yi: buhu nawa za a kawo? Mai shawara zai ce ai mu sittin ne, kowa na samun buhu goma, ɗari shida ke nan. Ƙarya ne, ba da gangan ba. Ku ne manoman, ku faɗa mini gaskiya, nawa ne cikinku ke sayar da shanshera tun a bakin gona saboda bashi na jira? (Hayaniya.) To kun gani. A ce ɗari huɗu suka iso inji. Ɗari huɗu sau ɗari bakwai, dubu ɗari biyu da tamanin a shekara. Raba miliyan biyu da dubu ɗari huɗu da wannan, shekara takwas da rabi kafin uwar kuɗi ta dawo. Shekara takwas da rabi! Wane inji ne zai yi wannan daɗewar ba tare da babban gyara ba? Idan kuna so kuɗin ya dawo cikin shekara uku, kuna buƙatar dubu ɗari takwas duk shekara, wato buhu dubu ɗaya da ɗari da hamsin, kusan. Saura ɗari bakwai da hamsin ke nan daga waɗanda ba 'yan ƙungiya ba. Suna nan? Mata masu gumi a garin su nawa ne, kuma a ina suke casa yanzu? Idan akwai inji biyu a bakin kasuwa, me zai sa su baro can?

Ban ce injin casa mugun abu ba ne. A wani garin lissafin nan zai fito da kyau, musamman inda ake noman rani da na damina, inji ba ya kwana wata shida. Kuma ban sa kuɗin dusa ba, ita ma ana sayarwa. Abin da nake cewa, wannan lissafin da muka yi cikin minti biyar, wasiƙar ce ya kamata ta tilasta wa mai shawara ya yi shi tun a gida. Ta ce masa: faɗa mana nawa za a kashe, wa zai saya, wa zai tsaya a kai kullum da nawa za a biya shi, yaushe kuɗi zai dawo, sannan idan abin ya ƙi, me za mu iya sayarwa mu rage asara. Wannan ta ƙarshen ba a son jinta, ana cewa mugun baki ne. Waɗanda suka tara masara suna jiran tsada, farashi ya faɗo musu a 2025, su za su gaya muku ko mugun baki ne.

Ina muke? Na uku ko? Na haɗa na uku cikin na biyu ke nan. To na huɗu, da sauri, na ga mai abinci yana leƙowa. A sa ranar rufe karɓa, sati uku ko huɗu, kuma kada ta faɗo tsakiyar girbi. A faɗi wanda za a miƙa wa. Wanda ba ya rubutun boko ya yi da ajami, wanda ba ya ko ɗaya ya zo ya faɗa da baki, sakatare ya rubuta ya karanta masa. A karanta wasiƙar a taro da Hausa. Kuma a bayyana cewa kwamiti tacewa kawai zai yi, babban taro ne zai yanke. Ku duba kundin dokokin ƙungiyarku ma, idan rajistarku ta adashe da bashi ce kawai, sai kun gyara kundin an kai ofishin daraktan ƙungiyoyi na jiha kafin ku shiga casa. Akwai kuma... na'am, Hajiya? A miƙa mata makirfo.

(Wata daga cikin mahalarta: Malam, ni tsorona ɗaya. In kawo shawarata, a ce ba ta yi ba, bayan wata uku in ga ƙanin shugaba yana yin ta shi kaɗai. Ya za a yi da wannan?)

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Shugabanni, kun ji dalilin da ya sa kuke aika wasiƙa sittin, amsa uku ta dawo. Kuna cewa mutane ba su da kishi, ashe tsoro suke. Kuma yana faruwa, ba zato ba ne.

Maganin da na sani shi ne littafi. Duk shawarar da ta shigo a ba ta lamba da kwanan wata da sunan mai ita, a yaga masa shaida ya tafi da ita, kamar rasidin zubi. Ranar taro a karanta dukkansu, har waɗanda kwamiti ya ajiye, tare da dalilin ajiyewa. Idan jama'a duka sun ji cewa lamba bakwai ta Hajiya ce, kunya kaɗai za ta riƙe mutum. Sannan ɗan kwamitin da shawara ta taɓa kasuwancinsa ko na gidansu, ya fita waje lokacin da ake tattauna ta, a rubuta cewa ya fita. Wannan ma a sa shi cikin wasiƙar, layi biyu ne.

Amma Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, littafi ba zai hana kowa buɗe shago ba, ba ki da hurumin kai shi ƙara don ya sayar da abin da kika yi tunani. Sai dai ki auna shawarar taki. Idan mutum ɗaya da kuɗinsa zai iya ɗauka ya yi, watakila ki nemi bashi daga ƙungiya ki yi abinki. Wadda ta dace da taro ita ce wadda sai da mutum sittin take tsayawa, kamar sayen taki mota guda a farashin sari, ko haɗa shinkafa wuri ɗaya don mai saye ya zo da motarsa ya same ku da baki ɗaya. Wannan ƙanin shugaba ba shi da mutum sittin ɗin. Taki wace iri ce? A'a, kada ki faɗa a makirfo, ga shugabanku nan zaune. (Dariya.) Ki same ni bayan salla da takarda, mu yi mata lissafi.