Ƙofa ko tukunya: me ake kira gida a rajistar taro?

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo game da rajistar taron da kowane gida ke turo wakili ɗaya, sannan mu karɓi tambayoyi.

Na farko, kafin a ja layi ko ɗaya a littafi, kwamiti ya zauna ya yanke abin da yake nufi da gida. Kuna murmushi, wai wa bai san gida ba? To ku saurara. Ga gida mai ƙofa ɗaya, 'yan'uwa uku a ciki, kowa da iyalinsa, kowa da girkinsa. Mahaifiyarsu tana ci a wajen babban. Ga kuma ɗan haya a ɗakin waje, yana dafa nasa. Gida nawa ke nan? In ƙofa kuka ƙirga, ɗaya ne. In tukunya kuka ƙirga, huɗu ne, tsohuwa kuma tana cikin lissafin babban ɗanta. Ƙuri'a ɗaya ko ƙuri'a huɗu, kun ga ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ni tukunya nake goyon baya. Masu ƙidayar jama'a ma galibi da ita suke aiki: waɗanda suke kwana wuri ɗaya, suke ci tare, su ne gida. Dalilina kuwa, wanda ke ɗaukar nauyin cefanensa yana da nasa ra'ayin, kuma in an ɗora kuɗi daga aljihunsa za su fito. Amma ko ƙofar kuka zaɓa ban ce kun yi laifi ba, muddin kun rubuta, kun sanar, kun yi wa kowa da mudu ɗaya. Abin da ke kawo rigima shi ne a bar maganar sai ranar taro, a bakin ƙofa, ana cunkoso, magatakarda shi kaɗai yana yanke hukunci.

Bari in ƙara tsayawa a nan, don ya dame ni. Na taɓa riƙe irin wannan littafi. Ranar da aka ji za a yi rabo, gidan da na sani ɗaya ne ya haihu, ya zama biyar. Da aka zo karo-karo, sai biyar ɗin suka koma ciki, suka zama ɗaya! (Dariya.) Ba mugunta ba ce, mu ne muka bar ƙofa a buɗe. Maganinsa littafi ɗaya tak. Da shi ake zaɓe, da shi ake rabo, da shi ake karɓar gudummawa. Wanda ya ce shi gida ne mai zaman kansa, ya samu ƙuri'arsa, ya kuma ɗauki kasonsa na biya. Littafi ɗaya, jama'a, ina maimaitawa.

Lokaci na gudu. Shi littafin, kowane gida layi ɗaya: lamba, sunan mai gida, inda gidan yake, sunan wakili, da gurbin sa hannu ko dangwale. A rufe rajista kamar mako guda kafin taro, a liƙa jerin sunayen inda kowa zai gani. Maƙwabta ne za su gano muku gidan da aka rubuta sau biyu da wanda aka tsallake.

Na uku... ko na huɗu ne? Ƙirga mahalarta. A ce gida 90 ne a littafi, ƙa'idarku kuma ta ce sai rabi sun zo taro zai yanke shawara, wato 45. Kun leƙa zaure kun ga mutum 60, kun ce an cika. Ba lallai ba. A rubuta kati 90, kowanne da lambar gida, wakili ya sa hannu ya karɓi nasa. In kati 49 suka rage a tebur, gida 41 ne suka zo, sauran mutum 19 ɗin 'yan rakiya ne. Taro bai cika ba, saura gida huɗu. Wajen zaɓe ma kati ake ɗagawa, hannu kowa yana da shi.

Na'am, Malama?

(Wata daga cikin mahalarta: Malam, maigidana ne aka rubuta, ya yi tafiya. Na je, aka ce ba sunana. Gidanmu ya rasa ƙuri'a ke nan?)

Kin tuna mini abin da na manta, na gode. Bai kamata ya rasa ba, domin kujerar ta gida ce, wakili aro aka ba shi. Shi ya sa tun ranar rajista ake buɗe gurbi na biyu, a rubuta wanda zai tsaya in wakili ba ya nan, babba daga cikin gidan, mace ko namiji. Iyaka dai kada mutum ɗaya ya riƙe katin gida biyu, in ba haka ba wani zai shigo da kati goma a aljihu. Ke yanzu, Malama, ki samu magatakarda kafin a rufe rajista ta gaba, maigidan ya tabbatar masa ko ta waya ce, a sa sunanki a gurbi na biyu. Akwai wani hannu can baya, a miƙa masa lasifika.