Kiran da ya fi ƙara ba shi ne koken da ya fi yawa ba

[Hoto: ɗakin amsa kira a Ikeja, teburin masu Hausa, kowa da abin sauraro a kunne]

Tun da wata ya kusa ƙarewa tambaya ɗaya ke ta shigo mana daga masu duba ingancin aiki a ɗakunan amsa kira nan Legas. Wata 'yar'uwa ta ce ta saurari kira har kunnenta ya yi zafi, ta rubuta rahoto, amma shugabanta ya ce abin da ta rubuta bai yi kama da abin da ma'aikata ke ji kullum ba. Ina matsalar take? Yawanci tana wurin zaɓen kiran da za a saurara da yadda ake ƙirga shi, kuma nan za mu daɗe yau.

A ce kamfani ne mai ba da injin cire kuɗi na POS, yana da teburin Hausa saboda 'yan kasuwar Mile 12, Agege da Alaba Rago. A ce a wata ɗaya an naɗi kira 12,000. Babu mai iya jin su duka, dole a ɗiba.

[Hoto: hannu yana gangarawa cikin jerin kira, yana tsayawa kan masu tsawo]

Kalli abin da hannun nan yake yi. Yana tsallake gajerun kira, yana danna na minti goma sha biyar, da waɗanda aka miƙa wa shugaba, da wanda abokiyar aiki ta ce "wallahi sai kin ji wannan". Kamar mai sayen tumatir ne da ya duba saman kwando ya yanke hukunci a kan na ƙasa. Kiran da aka yi faɗa a cikinsa yana da amfaninsa, amma in da shi kaɗai ka gina rahoto, labarin masu ɗaga murya ka bayar, ka bar mutum ɗari da suka faɗi damuwarsu cikin minti biyu suka kashe waya.

Maganin shi ne ka cire hannunka daga zaɓen. Zuba jerin kiran watan gaba ɗaya a Excel, ka buɗe sabon layi ka rubuta wannan, ka ja shi har ƙasa.

```
=RAND()
```

Kowane kira ya samu lambar ƙuri'a. Ka kwafe lambobin ka liƙa su a matsayin lambobi zalla, don in ba haka ba suna canzawa duk sanda ka taɓa takardar. Sai ka jera daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki 400 na farko. Su za ka saurara, har da na daƙiƙa arba'in, har da wanda janareta ya cika shi da ƙara.

[Hoto: takarda mai layuka: lambar kira, koke, hali a farko, hali a ƙarshe]

Da sauri kan takardar. Kowane kira koke ɗaya babba, daga jeri gajere da kuka amince da shi tun farko: an cire kuɗi bai shiga ba, rashin sabis, injin ya lalace, caji, da sauransu. Kada ka dogara da dalilin da ma'aikaci ya danna bayan ya ajiye waya. Wani kira na jiransa, don haka abin da ya fi kusa da yatsa yake dannawa. Kuma ka saurara har ƙarshe, saboda mutum yakan fara da "injin ba ya aiki", sai a minti na uku ya fito da ainihin abin: kuɗin kwastomansa ya maƙale tun Litinin.

Halin mai kira kuwa layinsa daban. Mataki uku ya isa: natsuwa, damuwa, fushi. A rubuta sau biyu, farkon kira da ƙarshensa, domin wanda ya shigo da fushi ya fita da natsuwa yabon ma'aikaci ne.

[Hoto: Mile 12 da safe, ana sauke kwanduna daga tirela]

Ku ji wannan wurin. Duk wanda ya kira daga nan sai ya ɗaga murya, ko da gaisuwa kawai yake yi. Ƙarfin murya bai isa shaida ba. Ni abin da na fi kamawa shi ne dattijon da ya saba doguwar gaisuwa, yau ko sallama bai ƙarasa ba ya shiga magana, ko wanda ya ce a hankali, "Wannan karo na uku ke nan, ina ake mayar da injin?" Wannan mutumin ya kusa tafiya, kuma shi nake so a sa wa alamar fushi. Don ku tabbata kunnuwanku ɗaya, mutum biyu su saurari kira 40 iri ɗaya ba tare da sun ga takardar juna ba. In kun saɓa a fiye da 8, ku zauna ku gyara ma'anar matakan kafin a ci gaba.

[Hoto: lambobi suna bayyana ɗaya bayan ɗaya]

To ga ƙirgar. A ce cikin 400 ɗin, 88 kan kuɗin da aka cire bai shiga ba ne. Kashi 22 cikin ɗari ke nan. Watan jiya kashi 19 ne. Shin abin ya ƙaru? Dakata tukuna. Tunda ɗiba ka yi, 22 ɗin nan na iya zama ko'ina daga kusan 18 zuwa 26 a cikin kira 12,000. Tazarar maki uku tana cikin wannan lilon, don haka a rahoto ka rubuta cewa bai canza sosai ba, ka sa masa ido wata mai zuwa. Da kira 100 ka saurara, lilon zai kai kusan maki 8 sama da ƙasa, shi ya sa muka ce 400.

Saura mataki ɗaya da ake yawan mantawa. Ɗibar da ka yi ba za ta nuna maka mai maimaita kira ba, domin cikin kowane kira 30 ɗaya kawai ka ji. Ɗauki lambobin wayar mutum 88 ɗin nan ka koma babban jeri, ka duba sau nawa kowannensu ya kira a watan. A ce 50 daga cikinsu sun taɓa kira a kan cinikin nan guda. Ka ga labari ya sauya: fiye da rabin waɗannan kiran na mutanen da ke bibiyar tsohon koke ne, an ce musu su jira, sun jira, shiru. Gyaran yana sashen mayar da kuɗi, kuma ba adalci a ɗora shi kan yarinyar da ke amsa waya.

[Hoto: shafi ɗaya na rahoto]

Abin da zai shiga rahoto ke nan: koken, kasonsa da lilonsa, nawa ne maimaici, nawa suka ajiye waya da fushi, da gajeren yanki biyu na murya don shugabanni su ji da kunnensu. Kafin ka haɗa yankin, goge suna, lambar waya, lambar asusu da BVN. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma muryar Alhaji amana ce da ya bari a hannunku, kada ta yi yawo a wayoyin ma'aikata.