Darasi: Yadda Ake Gane Fawa Bank na Jabu Daga Farashinsa da Nauyinsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo. Yau ga fawa bank guda biyu a kan teburina. Wannan baƙin an sayo shi ne a bakin titi a Kwamfuta Bilej da ke Ikeja, an rubuta masa 50000mAh, wato yawan cajin da aka ce yana ɗauka, kuma kuɗinsa bai kai rabin na wannan farin ba, wanda aka rubuta wa 20000mAh kawai.

Mafi yawan kuɗin fawa bank yana tafiya ne a batiran da ke cikinsa, kuma da dala ake sayo su, sannan a biya kuɗin jirgi da na kwastan kafin kaya su iso kasuwar Alaba da ke Legas. Ɗan kasuwa yana iya rage ribarsa ya yi maka rangwame, amma ba zai sayar ƙasa da uwar kuɗi ba. Saboda haka idan farashi ya faɗi warwas, to daga cikin kwanson aka rage wani abu.

Ku lura da lissafin nan da kyau, domin a nan mutane suke ruɗewa. Batirin da ake kira 18650, wanda ake jerawa a cikin irin wannan, ƙarfinsa ba ya wuce kimanin 3500mAh, nauyinsa kuma giram 45 ne zuwa 50. Kafin a tara 50000mAh ana bukatar guda goma sha huɗu, a'a, goma sha biyar, wato kusan giram 700 tun ba a saka kwanso ba. To ga shi na ɗora baƙin a sikeli: giram 260. Farin kuma giram 400 ne, wanda ya dace da abin da aka rubuta masa.

Sai dai nauyi kaɗai ba ya wadatarwa, domin akwai masu cusa batiran bogi cike da yashi. Wasu kuma tsofaffin batiran laftof suke kwancewa su zuba a sabon kwanso, kuma irin wannan ne za ka ga yana zafi wajen caji, ko ya mutu farat ɗaya alhali yana nuna saura rabi.

Shi ya sa na fi son ƙaramar mitar USB, muna ma da ita a shago ga mai bukata. Ka cika fawa bank ɗin, ka jona mitar tsakaninsa da waya, ka yi ta cajin wayoyi har ya ƙare, sannan ka karanta jimillar. Kada ka tsorata idan na gaskiya mai 20000mAh ya nuna maka kimanin 12000 zuwa 13000, saboda batirin yana aiki ne a kan 3.7V, wayar kuma tana karɓa a 5V, sannan wani kaso yana tafiya a zafi. Wannan baƙin kuwa, mitar ta tsaya ne a 3800. Yanzu bari in ɗauko sukuddireba mu buɗe shi.