Ragin da Kike Yi wa Masu Biki, Daga Ina Yake Fita?

Idan mutum shida suka zo miki a tare, abu na farko da za su nema shi ne ragi. Kafin ki amsa, ki san aljihun da ragin zai fita. Kuɗin kayan aiki ba sa raguwa don kin yi ragi, haka kuɗin mota, haka ladan mai taya ki. Ragin gaba ɗayansa daga ribarki ake yankarsa.

Mu ɗauki mai kwalliya da ke zuwa gida ta yi aiki. Don lissafi ya zo da sauƙi, a ce kwalliyar mutum ɗaya 100 ce. A cikin 100 ɗin nan, 70 na tafiya wajen kayan shafa, kuɗin mota, mai taya aiki, da ladan lokacinki ke kanki, wanda mata da yawa ke mantawa su saka. Riba 30 ke nan. To, ki rage kashi 20 cikin ɗari. Mai biya ta ba da 80, kashe-kashe na nan a 70, riba ta koma 10. A idonta kaɗan kika rage, amma ke kin rasa kashi biyu bisa uku na ribarki. Sai kin yi wa mutum uku aiki kafin ki samu abin da mutum ɗaya ke kawo miki a da.

Wannan ba ya nufin kada a yi ragi. Ana yi, amma daga abin da haɗa aikin ya sauƙaƙa miki. Ƙawayen amarya shida a gida ɗaya: kuɗinsu 600. A ce kuɗin mota 12 ne a kowace fita. Da gida shida za ki je, yanzu ɗaya ne, kin tsira da fita biyar, wato 60. Wannan 60 ɗin, kashi 10 cikin ɗari na 600, shi ne iyakar ragin da za ki yi ba tare da ribarki ta taɓu ba. Kina iya ba su rabinsa ki riƙe rabi.

Sai dai ki ɗaure ragin da adadi. Sau da yawa ana cewa shida, ranar biki huɗu su bayyana, kuma su nemi farashin shida. Ki faɗa tun farko, a rubuce: wannan farashin na mutum shida ne zuwa sama, idan an gaza haka kowa ta biya cikakken kuɗi. Ki karɓi kafin alƙalami daga hannun mutum ɗaya da za ta tsaya wa sauran.

Ita kuwa amarya, a nan ake tafka babbar asara, domin ana ƙirga mata yawan kwalliya, alhali yini guda ta saya. Akwai gwaji kafin ranar, awa ɗaya. Kwalliyar ranar, awa biyu. Zaman jira don gyara fuska kafin hotuna da bayan canja kaya, awa uku. Zuwa da dawowa, awa biyu. Awa takwas ke nan. Idan a awa takwas kin saba samun mutum biyar, kin ajiye 500 don ki tsaya mata. Wadda ta lissafa kwalliya uku ta ce 300, ta yi aikin da ya fi kowanne wahala a kan kuɗin da bai kai na ranar da ba biki ba. Saboda haka daga 500 za ki fara, sannan ki ɗora kayan da suka fi tsada da kika tanadar mata. Ki kuma rubuta ƙarfe nawa aikin zai ƙare, da kuɗin kowace awa da ta ƙaru, don biki ba kasafai yake tashi a kan lokaci ba.

Tsarin wata-wata yana da nasa tarkon. Mai zuwa duk mako, kika lissafa mata zuwa huɗu a wata. Huɗu sau 12, 48. Amma makonnin shekara 52 ne, kin yi aiki huɗu kyauta ba ki sani ba. Gyaran mai sauƙi ne: ki sayar da zuwa huɗu, a biya tun farko, a cinye su cikin kwana 30. Wadda ke son zuwa na biyar ta biya shi daban, kuma zuwan da ba a yi ba kada ya tsallaka wata mai zuwa, sai in ke ce kika ɗaga ranar.