Sharhi: Ciyawar rani tun a watan tara ake yin ta

Wani mai sauraronmu daga wajen Gumel ya aiko yana cewa: "Bara na tara ciyawa fal rumfa saboda bijimaina biyu na huɗa, amma kafin bazara ta ƙare sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, ciyawar ma sai su shinshina su bar ta. Ina matsalar take?"

To Malam, da ina kusa da kai abu ɗaya zan fara tambaya, a wane wata ka sa mata lauje? Don galibinmu sai an gama girbin gero da dawa, an kai amfani gida, hunturu ya fara busawa, sannan ake tunawa da ciyawa a shiga daji a yi ta yanka, alhali a lokacin ta riga ta bushe a tsaye, ta zubar da 'ya'ya, ganyen ƙasa ya kakkaɓe, abin da ya rage kusan tsinke ne kawai. Ingirici na gaske ɗanya ake yanka shi tana koriya shar, kai ka busar da ita da hannunka. Wadda rana da iska suka busar a daji wani abu ne daban ko da a ido sun yi kama.

Ga dalili. Ciyawa irin kyasuwa ko gamba ko harkiya, tana ƙarama kafin ta fitar da kai, furotin ɗin da ke cikinta yakan kai kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. Da zarar ta yi fure ta fara 'ya'ya sai abincin ya tattara ya koma cikin 'ya'yan da saiwa, karan ya yi tauri, kafin tsakiyar rani furotin ya faɗo wajen kashi 2 ko 3. Ita kuwa saniya ba ita kaɗai ke narkar da abin da ta ci ba, akwai ƙananan halittu a tumbinta su ke aikin, kuma sai abincin yana da furotin wajen kashi 7 suke aiki yadda ya kamata. In ya gaza haka ciyawar sai ta daɗe a tumbi ba ta narke ba, ciki a cike, dabba ta rage ci, kullum tana ramewa ga abinci tuli a gabanta. Abin da ya faru da bijimanka ke nan, in dai ba wata cuta ko tsutsar ciki a tare da su.

Saboda haka lokacin yanka shi ne sanda ciyawar ta fara fitar da kai, ka ga ɗaiɗaiku sun leƙo amma fili bai gama yin fure ba. A ƙasar Kano da Jigawa da Katsina har zuwa Maraɗi da Damagaram wannan yakan faɗo ne a cikin watan tara, gamba ita tana ɗan jinkiri zuwa watan goma. Na san abin da manomi zai ce, ai lokacin ruwa bai ɗauke ba kuma aikin gero ya taso, gaskiya ne, nan wahalar take. Ba a yanka a tsakiyar marka don ba za ta bushe ba, amma daga tsakiyar watan tara ruwa yakan fara tsallake kwanaki, kwana biyu ko uku na rana mai kyau su kake nema. Ka duba gari, ka yanka iya abin da za ka iya kwashewa in hadari ya taso, gobe ka ƙara. Kada ka kwantar da fili guda a rana ɗaya, don ruwa ɗaya in ya daki ciyawar da ta kusa bushewa ya wanke mata zaƙi, na biyu kuma ya fara ruɓar da ita.

Ka shiga da hantsi bayan raɓa ta ɗauke. Gamba kada ka aske ta har ƙasa, ka bar mata kamar tsawon taƙi ɗaya don ta sake tohowa, kuma hakan na hana ka kwaso ƙasa. Ka baza ta sama-sama, ba tsibi ba, ka juya ta da rana tsaka, da yamma ka tattara ta layi-layi saboda raɓar dare, da safe ka sake bazawa. Ɗanyar ciyawa kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne, kai kuma so kake ruwan ya sauka zuwa wajen kashi 15 cikin ɗari, shi ya sa kilo 100 na ɗanya da ƙyar zai ba ka kilo 30 na busasshiya.

Yaya za ka gane ta yi? Ɗebi cikin hannu daga tsakiyar tsibi, ba ta sama ba, ka murɗa ta da ƙarfi. In ka ji sanyi a tafin hannu ko ka ga danshi ya fito a wurin murɗin, da saura. In ta yi ƙaras-ƙaras wasu karare suka karye amma ganyen bai zama gari ba, ta yi. Ka kuma kankare bayan kara da farce, in fatar ta saɓule cikin sauƙi akwai ruwa a ciki. Wata dabarar, ka yayyanka kaɗan ka zuba a busasshiyar kwalba da cokali ɗaya na gishiri ka rufe ka girgiza, bayan ɗan lokaci in gishirin ya dunƙule ya manne a jikin kwalba to kada ka kai ta rumbu. Launi ma shaida ne, mai kyau tana nan da sauran kore-kore da ƙanshi, wadda ta yi fari fat rana ta cinye ta.

Yanzu harawa, wadda ita ce ke ɗaga darajar komai. Harawar gyaɗa da ta wake furotin ɗinsu yakan wuce kashi 10, mai ganye sosai ta kai 15, amma kusan duk alherin a ganye yake, kuma ganyen shi ke fara bushewa ya zube tun kara yana ɗanye. Ka taɓa lura da ƙasan wurin da aka tara harawa, yadda ganye ke kwance ya yi shimfiɗa? To wannan da ke ƙasa ya fi wanda aka ɗaure amfani. Don haka ba a juya harawa da rana tsaka yadda ake wa ciyawa. Ka bar ta ta yi yaushi, ka naɗe ta tun ganyen yana lanƙwasuwa bai karye ba, naɗi sako-sako yadda iska za ta ratsa, ta ƙarasa bushewa a inuwa. Ɗauka da lodi a amalanke kuma da sassafe ko da yamma lis, sanda ganyen ya ɗan yi laushi. Waken da kake so don harawa kada ka jira sai ganye ya yi rawaya, kana gama roron ƙarshe ka yanke shi. Gyaɗa ma in an bar ta ta wuce lokacin cira, ciwon ɗigo-ɗigon nan na ganye ya kan zubar da ganye da yawa tun tana gona, kuma a kakkaɓe ƙasar saiwa da kyau kafin a tara. Mai fili kuma yana iya shuka lablab, irin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kai, ana yanka shi in ya fara fure, sai dai karansa kauri gare shi, yana buƙatar ƙarin kwanaki kafin ya bushe.

Ajiya kuma, nan nake da ja da al'adarmu ta ɗora harawa a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya a bar ta haka wata biyar. Eh, ta tsira daga awaki da gara, amma rana na dukan ta kullum, koren ya tafi, abin da jikin dabba ke mayarwa bitamin A ya tafi tare da shi, kuma rashinsa na cikin abin da ke kawo wa shanu dundumi a ƙarshen rani. Ruwan farko na bazara kuma ya zo ya jiƙa ta a daidai lokacin da aka fi buƙatar ta. Ka yi mata dandamali na itace ko duwatsu kamar kamu ɗaya daga ƙasa, ka zuba toka a gindin dirkokin saboda gara, ka rufe sama da zana ko tampol amma ka bar gefe a buɗe. Nesa da madafa, a daji kuma a share kewayenta saboda gobara. A makon farko da na biyu ka riƙa cusa hannu ko rodi cikin tsakiyar tarin, in ka ji ɗumi ko warin fumfuna ka warware ta nan take ka sake shanyawa, don tarin da aka yi da danshi zafinsa kan yi ta hauhawa har wani lokaci ya kama wuta da kansa. Wadda ta riga ta yi fumfuna, ka girgiza ka ga farar ƙura na tashi, kada ka ba dabba, balle saniya mai ciki.

Bari mu yi lissafin bijimanka. A ce kowanne kilo 300 ne. Sa yakan ci busasshen abinci wajen kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato kilo 7 da rabi, su biyu kilo 15. Daga watan ɗaya zuwa ƙarshen watan biyar kwana 150 ke nan, ka ga kilo 2,250. In ka haɗa kashi biyu ciyawa kashi ɗaya harawa, kowane sa zai samu kilo 5 na ciyawa da kilo 2 da rabi na harawa kullum, jimilla ciyawa kilo 1,500, harawa kilo 750. Wannan ciyawar sai ka yanka ɗanya wajen tan 5, da lauje kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne sai da gayya ko yaran gida. In ba za ta samu duka ba, ka fara rani da karmami da karan dawa da aka sassara tun dabbobi na da sauran ƙibar kaka, kana ɗan yafa musu harawa, ka ɓoye ingirici mai kyau sai watan huɗu da na biyar, lokacin da daji ya zama fili kuma huɗa ke tafe.

Don kada lissafi ya ɓace maka, ka sa kafinta ya buga maka akwatin katako marar murfi da gindi, tsawo mita ɗaya, faɗi rabin mita, zurfi santimita 40. Ka shimfiɗa igiya biyu a ciki bakinsu na lilo a waje, ka zuba ciyawa kana tattakawa da ƙafa har ya cika, ka ɗaure tam ka ɗage akwatin. Ka auna dami biyu ko uku a sikelin masu sayen hatsi don ka san nauyin naka, in ya zo kilo 10 to damin ciyawa ɗaya ke nan a rana, 150 na rani duka. Ka zuba musu a komi ko rabin duro, ba a ƙasa ba inda za su tattake su yi mata fitsari, harawa da safe a fara da ita, ruwa isasshe, da ɗan gishiri ko kanwa a gefe.